Yatsu shida da rubutu a murɗe: yadda ake gyara hoto bayan AI ya saka wa mutum abu a hannu

Duk mai bibiyar sitatus ɗin WhatsApp na masu ƙananan sana'o'i a Birnin Kudu da Gwaram ya san irin hoton. Mai humra riƙe da kwalbarta, mai sayar da waya riƙe da sabuwar Tecno, ɗan ƙwallon unguwa ɗauke da kofi. Wasu daga cikin hotunan nan ba haka aka ɗauke su ba. Hoton biki ne ko na Sallah da ya yi kyau, aka ba manhajar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta saka abin a hannu. Daga nesa babu laifi. Da an zuƙo hoton sai a ga yatsu shida, ko biyu sun manne sun zama ɗaya, rubutun jikin kwalba ya koma wani abu da ba boko ba, ba ajami ba, fatar hannu kuma ta yi sumul kamar ta 'yar tsana.

Abin da mafi yawan mutane ke yi shi ne su sake tura hoton da ya lalace su ce a gyara. Nan ne ɓarnar ke ƙaruwa. Manhajojin da ake rubuta musu umarni, irin su Gemini da Meta AI na cikin WhatsApp, sukan sake zana hoton gaba ɗaya a kowane zagaye. Ana gyara yatsa, hanci yana ɗan sauyawa. Ana gyara rubutu, zanen atamfa yana gocewa. Bayan zagaye huɗu ko biyar mai hoton ta zama wata daban, mai kama da ita kawai. Hanyar da ta fi ita ce a bar AI ya yi ɗan aikin da ya iya, sauran kuma a ɗauko su daga hotuna na gaskiya a liƙa da hannu.

Dalilin da ya sa hannu da rubutu suke lalacewa

Matsalolin uku tushensu ɗaya ne: wurin ya yi wa manhajar ƙanƙanta. Hoton waya mai megafiksel 12 yana da faɗin fiksel 3000 da tsawon 4000. Yawancin manhajojin nan ba sa aiki a wannan girman, sai sun rage hoton zuwa wajen fiksel 1024 a dogon gefensa. Wato komai ya ragu kusan sau huɗu. Hannun da yake da faɗin fiksel 300 a hoton asali ya koma kamar 77.

Ba a nan ya tsaya ba. Stable Diffusion, wanda aka saki a watan Agustan 2022 kuma aka gina manhajoji da dama a kansa, yana ƙara matse hoto sau takwas a kowane gefe kafin ya fara zane. Hannun nan mai fiksel 77 ya zama gurabe goma ke nan. A gurabe goma ake so a tsara yatsu huɗu, da tsagar da ke tsakaninsu, da farce, da gefen kwalba. Kowane yatsa bai wuce gurbi biyu ba. Harafin da ke jikin sitika, mai tsayin fiksel 40 a hoton asali, ya dawo gurbi ɗaya da ɗan ɗoriya. Ba kowace manhaja ke bin wannan lissafin daidai ba, sababbi sun fi tsofaffi iya hannu da rubutu, amma ƙa'idar tana nan: abin da ya fi ƙanƙanta a hoto shi ake fi yi wa cika-gurbi da zato.

Ga kuma wani abu: manhajar ba ƙirga yatsu take yi ba. Ta koyi cewa kusa da yatsa akan sami wani yatsa, sai ta ci gaba da jerawa har wurin ya cika. Lalle yana ƙara rikita ta, domin baƙin layin zane a bayan yatsa yana kama da tsagar da ke raba yatsu biyu. Shi ya sa hoton amare da ƙawayensu ya fi saurin fitowa da yatsa na shida.

Misalin kwalbar humra

A ɗauki wata mai sayar da humra a Birnin Kudu. Tana da hoton da aka ɗauke ta a wajen biki, sanye da leshi, da lalle a hannu, hannun dama a ɗage daidai ƙirji. Ta sa AI ya saka mata kwalba a wannan hannun. Ya fito da yatsu biyar a gaban kwalbar ban da babban yatsa, kalmar ƘAMSHI ta koma KAMSHl da wani ƙugiya-ƙugiya a tsakiya, lambar wayarta ta zama lambobi tara maimakon goma sha ɗaya, hudojin leshin da ke kusa da kwalbar kuma sun narke.

Kafin a taɓa komai, ana buƙatar hotuna uku a waya: na asali wanda ba a taɓa ba, wanda AI ya fitar, da sabon hoton kwalbar gaskiya da za a ɗauka yanzu. Ana kuma buƙatar manhaja mai leya-leya, wadda ke ba da damar ɗora hoto kan hoto a goge wani sashe. ibisPaint X tana yi kyauta a Android, haka ma Photopea da ake buɗewa a burauza. Mai amfani da PicsArt zai iya da `Add photo` da abin gogewa.

Mataki na farko shi ne a ceto sauran hoton. A buɗe na asali a ƙasa, a ɗora na AI a sama, a ja shi har girmansu ya zo daidai. Domin a tabbatar sun hau kan juna, a sauya yanayin leyar sama zuwa `Difference`: duk inda hotunan biyu suka yi daidai zai yi baƙi ƙirin, inda suka bambanta zai yi haske. Mutane da yawa sukan yi mamaki a nan, don sai su ga haske a gefen ido, da leɓe, da ɗan kunne, wuraren da ba su ce a taɓa ba. A mayar da leyar `Normal`, sannan a goge komai na hoton AI ban da hannu da kwalba. Fuskar gaskiya ta dawo, leshin gaskiya ya dawo, aikin da ya rage bai wuce tafin hannu ɗaya ba.

Yatsan da ya ƙaru

Da farko a gane irin riƙon. Idan mutum ya riƙe kwalba a gaban kyamara, ɗayan biyu ake gani: ko yatsu huɗu sun zagayo gaba babban yatsa ya ɓuya a baya, ko babban yatsa ne a gaba ana hango kawunan sauran ta ɗaya gefen. Mafi sauƙin gwaji shi ne mai gyara ya ɗauki kwalba da hannun da ke hoton, ya tsaya gaban madubi ko kyamarar gaba, ya kwatanta. A duba ɓangaren da babban yatsa yake, domin AI kan ɗora hannun hagu a damtsen dama, kuma wannan ya fi yatsa na shida wuyar ganewa. A duba gaɓoɓi: kowane yatsa yana da ƙashi uku, babban yatsa biyu. Juya hoton hagu zuwa dama na ɗan lokaci yana taimaka wa ido ya ga abin da ya saba da shi har ya daina gani.

Idan yatsan da ya ƙaru a bakin jeri yake, a ƙasan ƙaramin yatsa ko a saman manuni, an yi sa'a. Ba cire shi ake yi ba, rufe shi ake yi da abin da ya kamata a gani a wurin. Sashen da ya hau kan kwalba a rufe shi da gilashin kwalbar da aka kwafo daga ɗan ƙasa kaɗan, da kayan aikin `Clone`. Sashen da ya fita waje kuwa goge shi kawai za a yi, tunda leshin gaskiya yana leyar ƙasa yana jira. A guji `Healing` na Snapseed a irin wannan wuri. Shi yana ɗebo launi ne daga maƙwabta, maƙwabcin yatsa kuwa yatsa ne, sai ya bar tabo mai launin fata a jikin kwalba.

Idan kuwa a tsakiya yake, duk yatsun sun matsu sun yi sirara don su ba shi wuri, cire ɗaya zai bar giɓi kamar na haƙori. Nan sai an sake zane, amma ba a kan dukan hoton ba. A yanko murabba'i mai kamar fiksel 800 a kowane gefe, wanda ya ƙunshi hannu, kwalba da wuyan hannu. Idan manhajar ta ɗaga wannan yankin zuwa 1024, hannun mai fiksel 300 ya zama 384, wato gurabe 48 maimakon goma. Kada a yanke shi ƙurmus: in babu wuyan hannu da ɗan damtse a ciki, manhajar ba za ta san ta ina hannun ya taho ba.

Kafin a tura yankin, a fara gyara shi da hannu ko da gyaran bai yi kyau ba. A shafe yatsan da ya ƙaru, a ɗebi launin fata a faɗaɗa huɗun da suka rage, a ja duhun layi uku a tsakaninsu. Zai yi kama da zanen ɗan firamare, ba komai. Dalilin shi ne AI yana bin fasalin da ya tarar. Masu kwamfuta da ke amfani da Stable Diffusion suna ganin wannan ƙarara a ma'aunin `Denoising strength`, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 1. A 0.3 yatsa na shida yana nan, an ƙara masa kyau ne kawai. A 0.9 hannun ya tafi gaba ɗaya, an kawo na wani. Amma idan an riga an zana yatsu huɗu, tsakanin 0.4 da 0.5 ya isa ya mayar da zanen fata ba tare da ya sauya lissafin ba. A can akwai kuma zaɓin `Only masked`, wanda ke yin yankan nan da kansa. Manhajojin waya ba sa nuna waɗannan ma'aunai, amma dabarar zana fasalin tukuna tana taimakawa a cikinsu ma. Umarnin ya zama gajere, ya faɗi abin da ake so a gani, ba abin da ba a so ba:

```
right hand holding a glass bottle, four fingers in front, thumb behind, keep skin tone and henna
```

A fitar da uku ko huɗu a zaɓi ɗaya, kowanne daga yankin da aka zana, ba daga sakamakon da ya gabata ba. In an yi zagaye biyu bai fito ba, a daina ƙona data. A ba mai hoton kwalbar ta riƙe, a ɗauki hannunta daga kusurwa iri ɗaya, haske na zuwa daga gefen da yake zuwa a hoton biki, a yanko hannun a ɗora. Mahaɗar a ɓoye ta ƙarƙashin awarwaro, agogo ko bakin hannun riga. Cikas ɗaya ne: lallen biki yakan kwashe cikin 'yan makonni, don haka in ɗaya hannun yana fitowa a hoton da lallensa, sabon hannun zai tona asiri. A irin wannan hali gara a yanke hoton yadda hannu ɗaya kaɗai zai fito.

Rubutu: kada a gyara, a maye gurbinsa

A nan babu wani dogon gwaji. Ko manhajojin da suka iya rubuta kalmar Turanci sukan yi tuntuɓe a ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, su mayar da su k, d, b, ko su manna ƙugiyar a inda ba nan take ba. Lambobi sun fi haɗari, don harafin da ya murɗe ido zai gane, amma 3 da ta koma 8 tsaf take fitowa. Lambar waya a Najeriya lambobi 11 ce, lambar asusun banki 10. Ɗaya ta sauya, mai saye ya kira wani daban, ko ya tsaya yana ƙoƙarin tura kuɗi ga sunan da bai sani ba har ya haƙura. Akwai kuma wani abin da AI ke ƙarawa ba a tambaye shi ba: ɗan hatimi da jerin lambobi a ƙasan sitika, mai kama da lambar rajistar NAFDAC. Wannan a goge shi dole. Kayan da ba a yi wa rajista ba kada hoto ya nuna kamar an yi.

A shafe rubutun AI duka da launin sitikar har ta zama fanko. Sannan a ɗauki hoton sitikar gaskiya, a inuwa mai haske, ba da filasha ba, kyamara tana kallonta kai tsaye. A yanko ta, a ɗora a sabuwar leya. In kwalbar mai faffaɗan gefe ce, `Perspective Form` na ibisPaint X ya isa: a ja kusurwoyi huɗu su hau kan na sitikar da ke hoton. In mai zagaye ce sai `Mesh Form`, a ɗan lanƙwasa layukan sama da ƙasa su bi lanƙwasar murfi da gindin kwalbar, a matse haruffan gefe-gefe kaɗan, don haka suke bayyana a jikin abu mai zagaye.

Wanda ba shi da sitika zai iya rubutawa a PixelLab, amma ya zaɓi salon rubutu mai haruffan Hausa, kamar Noto Sans ko Andika. Salo da yawa na ƙawa ba su da Ƙ, sai manhajar ta aro ta daga wani salon, ta fito daban da 'yan'uwanta ko ta zama akwati.

Abubuwa biyu ke hana sitikar zama kamar an liƙa ta da ƙullu. Na farko, a sa leyar a `Multiply`, don inuwa da duhun gefen kwalba su ratso ta. Wannan yana aiki ne idan rubutun duhu ne a kan fari ko wani launi mai haske. Na biyu, yatsu su hau kan sitika, ba sitika kan yatsu ba. A rage hasken leyar zuwa rabi don a ga abin da ke ƙasa, a goge duk inda ta rufe yatsa, a mayar da ita yadda take. In rubutun ya fi fuskar mai hoton kaifi, a ɗan dusashe shi da fiksel ɗaya ko biyu.

Fata, yadi da inuwa

Kowane hoton waya yana da ɗige-ɗige ƙanana, musamman wanda aka ɗauka da yamma ko cikin ɗakin taro. Abin da AI ya zana ba shi da su, ko yana da nasa daban. Ido ba ya iya faɗin abin da ya gani, amma yana jin cewa hannun ba na jikin ba ne. A haɗe leyoyin a fitar da hoton, a buɗe a Snapseed, a shiga `Grainy Film`, a sauke `Style Strength` zuwa 0 don kada launi ya sauya, a ɗaga `Grain` a hankali daga wajen 10 zuwa 25. Daga nan a shiga `View edits`, a zaɓi burushi, a shafa shi a kan hannu da kwalba kaɗai. Ma'aunin shi ne ɗaya hannun ko wuya: a zuƙo su tare, a tsaya idan sun yi kama. Wurin da maɓallan suke yakan sauya daga wannan sabuntawa zuwa waccan.

Launin fata ma a gwada shi da ɗaya hannun. AI kan haskaka baƙar fata, ko ya sa mata ja-ja, kuma yakan manta cewa tafin hannu ya fi bayansa haske. `Selective` a Snapseed yana ba da damar rage haske da ƙarfin launi a wuri ɗaya.

Yadi shi ne inda bai kamata a yarda da AI ba ko kaɗan. A ce wani saurayi ne a Gwaram, mai sayar da waya a kasuwar Sara, ya sa aka saka masa waya a hannu a hotonsa na Sallah. Shadda tana da zane a cikin saƙarta wanda sai haske ya bugi yadin ake gani, AI kuwa yakan mayar da shi sheƙi kamar leda, ya kuma tsinka zaren aikin wuya inda wayar ta gifta. Babu abin gyarawa a nan, gogewa ce: a bi gefen hannu da ƙaramin abin gogewa mai laushin baki har shaddar asali ta fito ta taɓa fata. Matsala ɗaya ita ce inda tsohon hannun yake kafin AI ya motsa shi, domin a can hoton asali hannu ne, ba yadi ba. Wannan gurbin a cike shi da `Clone` daga yadin da ke kusa, ana bin layin ninki. Fuskar wayar kuma a mayar da ita baƙa kamar an kashe, ko a ɗora hoton allo na gaskiya kamar yadda aka yi da sitika.

Saura inuwa. Abin da aka riƙe yana jefa siririyar inuwa a inda ya taɓa fata, yatsu kuma suna jefa tasu a jikinsa. In babu ita, kwalbar za ta yi kamar tana shawagi. A buɗe leya a `Multiply`, a ɗebi launin fata mai duhu, ba baƙi ba, a ja siririn layi a ƙarƙashin kowane yatsa ta gefen da haske ba ya zuwa, a dusashe shi, a rage ƙarfin leyar zuwa kashi 20 ko 30 cikin ɗari.

Yayin da ake kai hoton daga wannan manhaja zuwa waccan, a riƙa ajiye shi a PNG, domin duk ajiyar JPG tana ƙara cinye gefen haruffa. Kada a tura wa kai ta WhatsApp a tsakiyar aiki, yana rage girma. In dole ne, a tura a matsayin `Document`. Gwaji na ƙarshe shi ne a ɗora hoton a sitatus da aka taƙaita ga mutum ɗaya, a buɗe a wayarsa, ya karanto lambar wayar da ke jikin sitika da baki, mai kaya tana bi ɗaya bayan ɗaya. In matsewar sitatus ta dusashe lambobin har 6 ta yi kama da 8, a cire su daga jikin kwalbar a rubuta su a ƙasan hoton da manyan baƙi.